Haƙƙin Saye: Kayan Gwarin Kasuwar Hannun Jari

A ce wani matashi ya zauna ya yi nazarin wani kamfani na Amurka, ya duba cinikinsa da bashin da ke kansa, ya yanke cewa hannun jarinsa zai tashi. A ranar ana sayar da hannu ɗaya dala 100. Ya ciro dala 600 ya sayi wata takarda da ke ba shi damar cin ribar wannan tashi. Bayan wata uku hannun jarin ya kai dala 104. Hasashensa ya tabbata, kamfanin ya tashi kamar yadda ya faɗa. Amma da ya buɗe asusunsa sai ya tarar dala 600 ɗinsa ta koma 400. Ba wanda ya yi masa kutse, dillali bai cuce shi ba, kuma babu kuskure a lissafin. Kwanakin da suka wuce ne suka cinye dala 200.

Wannan takarda ita ce ake gani a allon manhajojin ciniki da sunan `Call`, 'yan kasuwar kuma suna ce mata kol. A nan za mu kira ta haƙƙin saye, domin abin da take bayarwa ke nan. Yanzu da wayar hannu ta kawo kasuwannin New York da Chicago cikin aljihun mutanenmu, ana yawan tallata ta a matsayin hanyar juya kuɗi kaɗan su zama da yawa. Akwai gaskiya a cikin tallan, sai dai rabin zancen ne. Ɗaya rabin shi ne abin da ya sami matashin nan, kuma ana iya lissafa shi tun kafin a sa kuɗi.

Mene ne ake saye?

Mu ɗauki misali da abin da muka saba. Kana hangen masara za ta yi tsada nan da wata uku, amma ba ka da kuɗin cika sito. Sai ka sami mai sito ka ce: “Alhaji, ga wannan ɗan kuɗi, naka ne, ba zan karɓa ba. Amma ka yi mini alkawari, duk ranar da na zo cikin wata ukun nan, za ka sayar mini da buhu ɗari a farashin yau.” Idan masara ta yi tsada, ka zo ka ɗauka a tsohon farashi, ka sayar a sabo. Idan ta faɗi, ba wanda zai tilasta maka, sai ka yi zamanka, abin da ka rasa shi ne ɗan kuɗin da ka bayar. Shi kuwa mai sito ba shi da wannan zaɓi. Tunda ya karɓi kuɗin, in ka zo dole ya ba ka, ko da buhu ya ninka. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Abu uku ke cikin wannan yarjejeniya, kuma su ne a cikin kowane haƙƙin saye. Akwai farashin da aka tsayar, wanda allo ke nunawa da sunan `Strike`. Akwai ranar da wa'adi zai cika. Sai kuɗin da mai saye ya biya domin a ba shi haƙƙin. Wannan kuɗi ya bambanta da kafin alƙalami, domin kafin alƙalami yana shiga cikin kuɗin kaya idan ciniki ya faɗa. Kuɗin haƙƙi ba ya shiga. Ko ka ɗauki kayan ko ba ka ɗauka ba, ya tafi.

An daɗe ana irin wannan yarjejeniya tsakanin mutum da mutum, amma ta zama hajar kasuwa mai tsari ne a ranar 26 ga Afrilu, 1973, lokacin da aka buɗe kasuwar CBOE a birnin Chicago. An fara da haƙƙin saye a kan hannun jarin kamfanoni 16 kawai. Abin da kasuwar ta kawo shi ne ma'auni ɗaya ga kowa: kwantiragi ɗaya yana wakiltar hannu 100, kuma ranakun cikar wa'adi sanannu ne. A yau na wata-wata suna ƙarewa a Juma'a ta uku ta wata. Saboda haka idan ka ga farashin haƙƙi dala 6 a allo, abin da za ka biya dala 600 ne. Kuma tunda kowace takarda daidai take da 'yar'uwarta, ba sai ka jira ƙarshen wa'adi ba, kana iya sayar da taka ga wani a duk ranar da kasuwa ke ci. Yawancin masu saye haka suke yi. Wannan ya sa tambayar da ta fi damun mai saye ita ce: nawa takardata take yau, kuma me ke ɗaga ta ko ya sauke ta?

Daraja biyu a takarda ɗaya

Farashin haƙƙin saye kashi biyu ne a haɗe. Na farko mu kira shi darajar hannu, wato abin da za ka samu in ka yi amfani da haƙƙin a yanzu-yanzu. Idan kana da haƙƙin saye a kan dala 100, hannun jarin kuma yana 108 a kasuwa, darajar hannu dala 8 ce. Idan yana 100 ko ƙasa da haka, darajar hannu sifiri ce, don ba mai hankalin da zai sayi abu dala 100 ta hanyar takarda alhali yana 95 a fili.

Kashi na biyu shi ne kuɗin sa rai. Takardar matashinmu, a ranar da ya saye ta, ba ta da darajar hannu ko kaɗan: farashin da aka tsayar 100, kasuwa ma 100. Duk da haka ya biya dala 6 a kan kowane hannu. Abin da ya saya shi ne kwana 90 na yiwuwar hannun jarin ya haura. Mai sayarwa kuma ba zai ɗauki kasadar kwana 90 kyauta ba. Dala 600 ɗin nan gaba ɗayanta kuɗin sa rai ce.

Ga ƙa'idar da duk sauran bayanin ya rataya a kanta: ranar da wa'adi ya cika, kuɗin sa rai yana komawa sifiri, ko hannun jarin ya tashi ko ya faɗi. A ranar babu sauran gobe da za a sa wa rai, darajar hannu kaɗai ke saura. Don haka wanda ya biya dala 6 a kan farashin 100, in ya riƙe har ƙarshe, ba ya fara ganin riba sai hannun jarin ya wuce 106. A 104 yana da dala 4 a hannu, ya biya 6, ya yi asarar 2 sau ɗari. Inda dala 200 ta matashin ta tafi ke nan.

Yadda take tashi

Me ya sa mutane ke son ta duk da haka? Saboda idan ta kama, tana kamawa da ƙarfi. Da hannun jarin ya kai 115 a ranar ƙarshe, takardar za ta zama dala 1,500. Ribar dala 900 ke nan a kan jarin 600. Wanda ya sayi hannun jarin kansa, guda ɗari, ya zuba dala 10,000 ya sami ribar 1,500, wato kashi 15 cikin ɗari. Mai takarda ya ninka kuɗinsa sau biyu da rabi. In kuma kamfanin ya faɗi zuwa 80, mai hannun jari ya yi asarar dala 2,000, mai takarda kuwa asararsa ba ta wuce 600 da ya biya. Asara mai iyaka, riba marar iyaka: wannan shi ne kyawunta, kuma shi ake biya wa kuɗi.

Kafin ranar ƙarshe, takardar ba ta bin hannun jari taku da taku. A ranar farko, idan hannun jarin ya ƙara dala ɗaya, takardar tana ƙara kusan rabin dala. Dalili a fili yake: har yanzu ba a san ko za ta ƙare da daraja ko a'a ba, abin kusan rabi da rabi ne, don haka kasuwa tana ba ka rabin tashin. Wannan ma'auni shi ake kira delta, kuma allo yana nuna shi da lamba tsakanin 0 da 1. Abin lura shi ne delta ba ta tsayawa wuri ɗaya. Idan hannun jarin ya kai 104 da wuri, delta tana haura 0.6. In ya kai 120, tana kusan 0.9, takardar ta zama kamar hannun jarin kansa. In kuma ya gangara 85, delta tana sauka ƙasa da 0.2. Ma'ana, yayin da kake cin riba gudunka ƙaruwa yake, yayin da kake asara gudun raguwa yake. Ba a samun irin wannan gata a sayen kaya na yau da kullum.

Abu na biyu da ke ɗaga ta shi ne kai-kawon farashi, wato yawan tsallen da kasuwa ke zaton hannun jarin zai yi. Hannun jarin da ke motsi kamar hawainiya, haƙƙinsa yana da araha, don da wuya ya yi nisa cikin wata uku. Wanda ke tsalle sama da ƙasa, haƙƙinsa yana da tsada, domin tsallen sama riba ce ga mai takarda, tsallen ƙasa kuma ba ya cin fiye da abin da ya biya. A misalinmu mun ɗauka kai-kawon kashi 30 cikin ɗari ne a shekara. Da kasuwa za ta tsorata ta ɗaga zatonta zuwa kashi 45, takardar dala 600 za ta koma kusan 900 ba tare da hannun jarin ya motsa ba. Da hankali zai kwanta zaton ya sauka zuwa kashi 20, sai ta koma 400.

Waɗannan biyun, tashin farashi da kai-kawo, suna iya zuwa ta gefenka, suna iya juya maka baya. Na ukun, wato lokaci, hanya ɗaya kawai yake bi.

Tumatir ba gero ba ne

Ɗan kasuwar hatsi ya san amfanin haƙuri. Ya saya da kaka, farashi ya faɗi, sai ya rufe sito ya jira bazara. Gero ba ya tambayarsa kwana nawa ya yi. Mai hannun jari ma haka yake: in kamfanin na kirki ne, yana iya jira shekara biyar. Mai kwandon tumatir ba shi da wannan dama. Ranar farko kayansa lafiya lau, rana ta biyu an ɗan rage masa, amma daga inda ruwa ya fara tsatsafowa ta gindin kwando, kowace sa'a tana cin abin da yini guda bai ci ba a baya. Haƙƙin saye kayan gwari ne, kuma lalacewarsa tana bin irin wannan tsari: a hankali da farko, da gudu a ƙarshe.

Mu bi takardar matashin, mu ɗauka hannun jarin ya tsaya cak a dala 100 har ƙarshe. Da saura kwana 90 tana kusan dala 600. Da saura kwana 60 ta koma kusan 490. Da saura 30 tana kusan 345. Da saura mako guda, kusan 165. Ranar ƙarshe, ba komai. Watan farko ya ci dala 110, na biyu ya ci 145, na uku shi kaɗai ya ci 345, fiye da na farko da na biyu a haɗe. Makon ƙarshe kawai ya fi watan farko gaba ɗaya ɓarna.

Abin da rana ɗaya ke ci shi ake kira teta, a allo `Theta`, kuma ga mai saye lambar tana zuwa da alamar ragi a gabanta. A farkon tafiyar nan teta ta ɗan haura dala 3 a rana. Da saura wata guda ta kusa dala 6. Da saura mako ta kai 12. Kwanakin Asabar da Lahadi da ranakun hutu duk suna cikin ƙidayar wa'adi, ko da kasuwa a rufe take.

Me ya sa zaizayar ba ta tafiya daidai wa daida, dala 600 a raba gida 90? Amsar tana cikin yadda farashi ke yawo. Ka tsayar da yaro a tsakiyar fili da kwabo a hannunsa. In ya jefa ya faɗi ta kai, ya yi taku ɗaya gabas, in ta ɗaya fuskar ce, taku ɗaya yamma. Bayan jifa 25, yawanci za ka same shi wajen taku 5 daga inda ya fara, domin takun gabas da na yamma suna cinye juna. Bayan jifa 100 yana wajen taku 10. Bayan jifa 400, wajen taku 20. Sai ka ninka lokaci sau huɗu kafin nisa ya ninka sau biyu. Kuɗin sa rai kuɗin wannan nisa ne, don haka shi ma haka yake tafiya. In ka juya lissafin ta baya, za ka ga lokacin da rabin wa'adi ya wuce, takardar tana riƙe da kusan kashi 70 cikin ɗari na darajarta. Sai da saura rubu'in wa'adi, kwana 22 ko 23 a misalinmu, take kaiwa rabi. Sauran rabin duka a cikin waɗannan 'yan kwanaki yake zubewa.

Wannan tunani shi ne ƙashin bayan lissafin da Fischer Black da Myron Scholes suka wallafa a 1973, shekarar da aka buɗe kasuwar Chicago, wanda Robert Merton ya faɗaɗa. A kansa aka ba Scholes da Merton kyautar Nobel ta tattalin arziki a 1997, bayan rasuwar Black a 1995. Cikakken lissafin yana da tsawo, amma idan farashin da aka tsayar ya yi daidai da na kasuwa, kuma aka ajiye batun kuɗin ruwa da rabon riba a gefe, 'yan kasuwa suna da gajeriyar hanya:

```
daraja ≈ 0.4 × farashi × kai-kawo × √(kwanaki ÷ 365)
0.4 × 100 × 0.30 × √(90 ÷ 365) ≈ 6
```

Duk wanda ke da kalkuleta a waya zai iya sauya 90 ya sa 60 ko 30 ko 7, ya ga lambobin da muka kawo da idonsa.

Farashi ɗaya, sakamako uku

Yanzu mu koma ga dala 104, mu tambayi yaushe hannun jarin ya kai can. Idan ya kai a makon farko, da saura kwana 83, takardar tana da darajar hannu dala 4, da kuɗin sa rai kusan 4, jimilla kusan dala 800. Matashin zai iya sayarwa ya tashi da ribar 200. Idan sai bayan wata biyu ya kai, da saura kwana 30, kuɗin sa ran ya sauka ƙasa da dala 2, takardar tana wajen 585, ko uwar kuɗi ba ta cika ba. Idan kuma sai ranar ƙarshe ya kai, 400 ce. Kamfani ɗaya, hasashe ɗaya, farashi ɗaya, amma mutum ya tashi da riba, ko ya fita da ƙyar, ko ya yi asarar sulusin kuɗinsa.

Hausawa na cewa sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. A wannan kasuwa sannu tana hana zuwa. Mai hannun jari abu ɗaya ake nema ya canka, wato inda farashi ya nufa. Mai haƙƙin saye sai ya canki uku a lokaci guda: inda ya nufa, nisan da zai yi, da ranar da zai isa. In ya ci biyu ya faɗi ɗaya, asara ce.

Kada a ɗauka wannan zaizaya zalunci ce da aka shirya wa mai saye. Haya ce. Kowace rana yana biyan hayar gatan nan da muka ambata, na riba mai ƙara gudu da asara mai iyaka, kuma kuɗin yana shiga aljihun wanda ya sayar masa da haƙƙin, wanda shi ne zai kwana a ciki idan farashi ya yi tashin gwauron zabi. Kai-kawon kashi 30 a shekara yana nufin kasuwa ta riga ta sa a lissafi cewa hannun jarin dala 100 zai riƙa motsin kusan dala 2 a kowace ranar ciniki. In ya fi haka motsi, kuma ta sama, hayar ta biya kanta. In ya lafa, mai saye ya biya hayar shagon da ba a yi ciniki a cikinsa ba. Mai sayarwa yana cin ƙananan riba sau da yawa, ya yi babbar asara jefi-jefi. Mai saye yana yin ƙananan asara sau da yawa, yana jiran babbar riba jefi-jefi. Matsalar ƙaramin mai saye ita ce kuɗinsa kan ƙare kafin jefi-jefin ya zo.

Ramuka biyu da aka fi faɗawa

Na farko shi ne son araha. Sabon shiga ya ga takardar dala 600 ta yi masa nauyi, sai ya hango wata a dala 20 kacal: farashin da aka tsayar 115, saura kwana 30. Ya ce da dala 600 ai sai in sayi talatin. Banza ba ta kai zomo kasuwa. An karyar da ita ne saboda, bisa lissafin kai-kawon nan na kashi 30, damar hannun jarin ya haura 115 cikin wata guda kusan ɗaya ce cikin ashirin. Sau goma sha tara cikin ashirin, takardun talatin duka za su ƙare a sifiri. Ko hannun jarin ya tashi zuwa 112, tashi mai kyau a wata ɗaya, ranar ƙarshe ba su da ko sisi.

Gajeren wa'adi ma araha ce irin wannan. Kasuwar Chicago ta fara fitar da takardun mako-mako a 2005, kuma tun 2022 takardun da ke kan ma'aunin S&P 500 suna da masu ƙarewa a kowace ranar ciniki. Wanda ya sayi mai ƙarewa yau ya sayi kwandon da ruwa ya riga ya fara zuba ta gindinsa. Duk kuɗin sa ran da ya biya da safe zai ƙare kafin a tashi kasuwa da yamma.

Rami na biyu yana jiran masu saye gab da babban labari. Kamfanonin da ke kasuwar Amurka suna bayyana sakamakon cinikinsu duk wata uku, kuma kowa ya san ranar. Kafin ranar, masu sayar da haƙƙi suna ɗaga farashi saboda tsallen da ake jira. A ce saura mako guda, zaton kai-kawo ya hau zuwa kashi 60, takardar da ya kamata ta zama dala 165 ta koma 330. Mutum ya saya. Washegari sakamako ya fito da kyau, hannun jarin ya tashi zuwa 102. Amma abin da ake jira ya riga ya faru, zaton ya koma kashi 30, takardar ta sauka wajen dala 270. Labari ya yi daɗi, farashi ya tashi, shi kuma ya yi asarar dala 60 a dare ɗaya.

Ana iya gane waɗannan ramuka tun kafin a taka, da tambayoyi uku da allon kansa ke amsawa. A cikin kuɗin da zan biya, nawa ne darajar hannu, nawa ne kuɗin sa rai? A cire farashin da aka tsayar daga farashin kasuwa, abin da ya rage a kuɗin takardar shi ne rabon lokaci. Ina hannun jarin zai kai kafin in mayar da uwar kuɗi? A haɗa farashin da aka tsayar da kuɗin takarda, sannan a duba ko wannan kamfani ya saba yin irin wannan tafiya a cikin kwanakin da suka rage. Kashi nawa na kuɗina rana ɗaya ke ci? A raba teta da farashin takarda. A farkon misalinmu kusan rabin kashi ɗaya ne cikin ɗari, a makon ƙarshe ya haura kashi 7. Wannan ne ya sa waɗanda suka daɗe a harkar, in za su saya, sukan sayi wa'adin da ya fi abin da suke buƙata tsawo, su fita kafin watan ƙarshe. Yin haka yana rage zaizayar, ba ya kawar da ita.

Abin da malamai suka ce

Mai karatu Musulmi yana da wata tambaya da ta riga duk waɗannan. Majalisar Fiƙihu ta Ƙasa da Ƙasa da ke ƙarƙashin ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC ta duba irin waɗannan kwantiragi a zamanta na bakwai a Jidda a 1992, ta yanke cewa ba su halatta ba yadda ake yin su a kasuwannin duniya, kuma ba ya halatta a yi cinikinsu. Hujjarta ita ce abin da ake sayarwa ba dukiya ba ne, ba amfani ba ne, ba kuma haƙƙin dukiya ba ne da za a karɓi musaya a kansa. Wasu na kwatanta shi da cinikin arbun, wanda mazhabar Hambaliyya ta yarda da shi, Malikiyya kuma ta hana. Sai dai arbun yana shiga cikin kuɗin kaya idan an kammala ciniki, kuɗin haƙƙi kuwa, kamar yadda muka gani, ba ya shiga. Wanda abin ya shafa ya kai wa malaminsa tambayar da cikakken bayanin yadda takardar ke aiki, domin fatawa tana bin yadda aka siffanta mas'ala.

Ko da mutum ba zai taɓa sayen wannan takarda ba, sanin lissafinta yana kare shi daga masu nuna hoton asusun da ya ninka sau goma a kwana biyu. Irin wannan ribar tana faruwa. Abin da hoton ba ya nunawa shi ne takardu goma sha taran da suka ƙare a sifiri kafin ta. Matashin da muka fara da shi bai yi kuskure a kan kamfanin ba. Da hannun jarin ya saya, da yana da ribar dala 4 a kan kowane hannu, da kuma damar ya ci gaba da jira. Shi kuwa ya sayi kwana 90 ne, ya zauna yana haƙuri irin na mai gero, alhali tumatir ne a kwandonsa.